Hannun Jari Ko Rancen Banki: Wanne Ya Dace Da Kamfanin Da Ke Neman Naira Miliyan 100?

Mai kamfanin da kasuwa ta buɗe masa, kuɗin hannunsa kuma suka gaza, yana da ƙofofi biyu manya. Ko dai ya je banki ya karɓi rance ya biya da ƙari a kan wa'adi, ko kuma ya sayar wa wani da wani kaso na kamfanin su zama abokan tarayya. Mutane kan ce rance ya fi tsada saboda kuɗin ruwa, hannun jari kuwa ba a biyan komai a kansa. Wannan magana ba ta cika ba. Duka biyun ana biya, sai dai ɗaya ana biyansa da kuɗi a ranar da aka yanke, ɗayan kuma ana biyansa da riba da iko, ba tare da ranar ƙarewa ba.

Abubuwa biyar zan auna su da su. Na farko farashi, wato nawa kuɗin zai ci daga aljihun masu kamfani. Na biyu tsawon zama, wato yaushe nauyin zai sauka. Na uku sauƙin samu. Na huɗu abin da zai faru a shekarar da kasuwa ta yi tsami. Na biyar iko, wato wa zai riƙa yanke hukunci bayan kuɗin sun shigo. A ganina na huɗu da na biyar su ne suka fi cancanta a daɗe a kansu, domin su ne aka fi mantawa da su a lokacin da ake ɗokin karɓar kuɗi.

Don maganar ta tsaya a ƙasa, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wa da ƙani ne suke da kamfanin casar shinkafa a yankin Kura ta jihar Kano, sun yi masa rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, kowannensu yana da rabi. An kimanta darajar kamfanin, da injina da fili da rumbu da sunan da ya yi a kasuwa, a kan Naira miliyan 300. Suna son ƙara sabon layin injin da tukunyar turara shanshera, kuɗinsa miliyan 100. Lissafinsu ya nuna idan aikin ya kankama, ribar shekara kafin a cire kuɗin ruwa da haraji za ta kai miliyan 100. Alƙaluman misali ne, amma yadda suke aiki haka yake a zahiri.

Idan suka je banki

A Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, ya kuma sauko da shi zuwa 27 a Satumban 2025. Bankunan kasuwanci a kan wannan ma'auni suke ɗora nasu, shi ya sa matsakaicin kamfani a wancan lokaci ba zai yi mamaki ba idan aka ce masa kashi 30. Mu ɗauka haka aka ba su, na shekara uku, suna mayar da kashi ɗaya cikin uku na uwar kuɗi a ƙarshen kowace shekara. Kuɗin ruwan shekarar farko miliyan 30 ne, ta biyu 20, ta uku 10, jimilla miliyan 60. Akwai kuma kuɗin sarrafa rance da banki ke cira tun farko, da ladan lauya da mai kimanta kadara, da inshorar kayan da aka jinginar.

Abin da ya fi kuɗin ruwan nauyi shi ne haɗuwarsa da uwar kuɗi. A shekarar farko sai sun fitar da kusan miliyan 63 tsaba, alhali a shekarar ce sabon injin yake kan hanya, ko ana girka shi, ko ma'aikata suna koyon sarrafa shi. Don haka duk wanda zai ci rance don sayen inji ya nemi a ba shi watannin sassauci kafin ya fara biyan uwar kuɗi, a kuma rubuta hakan cikin takardar tayin rance. Ya duba kuma layin da ke cewa banki na iya sauya kuɗin ruwa gwargwadon yanayin kasuwa, domin kusan kowace takardar tayi tana ɗauke da shi.

Rance yana da sassauci biyu da ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Kuɗin ruwa ana cire shi daga riba kafin a lissafa harajin kamfani, saboda haka kamfanin da ke biyan harajin kashi 30 cikin ɗari, idan ya biya ruwan miliyan 30, harajinsa zai ragu da miliyan 9. Amma wannan sai kamfanin yana da ribar da za a yi wa haraji. Na biyu kuma hauhawar farashi tana rage nauyin bashin Naira: a Disamban 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8, wato miliyan 33 da za a mayar bayan shekara uku ba za ta sayi abin da take saya a ranar karɓa ba. Bashin Dala kuwa akasin haka ne ga kamfanin da cinikinsa na Naira ne. Da aka saki Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, manyan kamfanonin da ke da bashin Dala suka wayi gari bashinsu ya ninka sau uku ba tare da sun ƙara cin ko sisi ba.

Wajen samu, banki ba ya ba da kuɗi don ra'ayin kasuwanci ya burge shi. Zai nemi bayanan asusu na watanni da dama, da lissafin kamfani wanda akanta ya bincika, da shaidar biyan haraji, da rahoton hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Sannan jingina. Idan fili ne ko gini, yana son mai takardar mallaka ta gwamnati, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce jinginar da irin wannan fili sai da amincewar gwamna, abin da kan ci watanni da kuɗi. Jinginar da aka ɗora a kan kadarar kamfani kuma ana yi mata rajista a CAC cikin kwana 90. Tun 2017 akwai dokar da ta ba da damar jinginar da kaya masu motsi kamar inji da mota da kayan rumbu, amma a aikace bankuna har yanzu ƙasa suka fi so.

Ga wurin da nake son masu kamfani su tsaya su yi tunani sosai. Amfanin yin rajistar kamfani shi ne dukiyar kamfani daban, ta mai shi daban. Idan kamfani ya karye, abin da mai shi ya zuba a ciki ne kawai ya tafi. Amma banki kusan kullum yana sa daraktoci su sa hannu cewa sun tsaya wa kamfanin da ƙashin kansu. Da zarar wa da ƙanin nan sun sa wannan hannu, katangar da ta raba gidajensu da bashin kamfani ta faɗi. Sau da yawa ma gidan da iyali ke ciki shi ne jinginar, domin shi ne mai takarda.

Yanzu a kawo muguwar shekara. Ba sai an je nesa ba: a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, farashin shinkafa kuma ya sauko a 2025. Mai injin da ya cika rumbu da shanshera mai tsada ya ga ribarsa ta narke. A ce ribar kamfaninmu ta faɗo daga miliyan 100 zuwa 30. Kuɗin ruwa kaɗai ya cinye ta, ga kuma miliyan 33 na uwar kuɗi suna jira. Daga ina za su fito? Daga kuɗin sayen shanshera, wanda hakan zai sa injin ya zauna ba aiki, ribar baɗi ta ƙara raguwa. Idan aka kasa biya, akwai tarar jinkiri, sunan kamfani ya shiga jerin masu taurin bashi, daga ƙarshe banki na iya sayar da jingina ko ya naɗa wanda zai karɓi ragamar kamfanin ya tara masa kuɗinsa.

Idan kuwa an biya lafiya, a shekara ta huɗu banki ya fita, takardun fili sun dawo, kamfani da sabon injinsa duk na 'yan'uwan biyu ne. A tsawon shekaru ukun banki ba shi da ƙuri'a a taronsu, sai dai sharuɗɗa: kada a ci wani bashi ko a sayar da kadara ba da izininsa ba, cinikin kamfani ya riƙa bi ta asusunsa, wani lokaci har a taƙaita rabon riba.

Ga da yawa daga masu karanta wannan, maganar riba ta haramci ta rufe wannan ƙofa tun kafin a fara lissafi. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. A tsarin murabaha bankin zai sayi injin ya sayar wa kamfani da ribar da aka yanke, a biya kashi-kashi. A ijara kuma haya zai ba da shi. Wani alherin murabaha shi ne farashin da aka ƙulla ba ya canzawa. Sai dai a fahimta cewa ta fuskar aljihu bashi ne mai wa'adi da jingina, kuma muguwar shekara ba ta ɗage ranar biya. Mai sana'ar sarrafa kaya ya kuma leƙa Bankin Masana'antu, BOI, wanda rancensa ya fi na bankunan kasuwanci sauƙin ruwa da tsawon wa'adi, ko da yake takardunsa da jiransa sun fi yawa.

Idan suka sayar da hannun jari

A nan kamfanin zai ƙirƙiri sababbin hannayen jari ya ba wani attajiri, a ce dillalin hatsi ne daga kasuwar Dawanau, shi kuma ya zuba miliyan 100 cikin asusun kamfani. Darajar kamfani ta zama miliyan 400, shi yana da kashi 25 cikin ɗari, wa da ƙani kowanne ya sauko daga 50 zuwa 37.5. A lura kuɗin cikin kamfani suka shiga. Da ɗaya daga cikin 'yan'uwan ne ya sayar da nasa kason, da kuɗin aljihunsa za su tafi, kamfanin bai ƙaru da komai ba.

Farashin wannan hanya shi ne rubu'in riba, kowace shekara. A shekarar miliyan 100, Alhajin Dawanau yana da 25, 'yan'uwan suna da 75. Kwatanta da rance: a shekarar farko ribar da ta rage musu bayan ruwa 70 ce, wato ƙasa da 75. Akwai ƙa'ida a nan mai sauƙin riƙewa. Ribar miliyan 100 a kan jarin miliyan 400 kashi 25 ce, ruwan banki kuwa 30. Duk lokacin da abin da jarin kamfani ke haifarwa bai kai kuɗin ruwa ba, rancen daga rabon masu kamfani yake ci. Sai ribar ta haura miliyan 120 kafin rance ya fi musu a shekarar farko.

A shekara biyar masu kyau lissafin yana juyawa. Jimillar riba miliyan 500. Ta hanyar rance an cire ruwan 60, saura 440. An mayar da uwar kuɗi 100, tsabar da ta rage 340, amma kamfanin duka nasu ne. Ta hanyar hannun jari sun sami 375, amma rubu'i uku na kamfanin kawai suka mallaka, kuma a shekara ta shida da ta goma da ta ashirin Alhaji ko magadansa suna nan suna karɓar nasu. Idan kamfanin ya bunƙasa darajarsa ta kai biliyan biyu, kason da aka sayar miliyan 100 ya zama na miliyan 500. Wanda ya tabbata kamfaninsa zai girma sosai, hannun jari ne hanya mafi tsada a gare shi.

A muguwar shekarar miliyan 30 kuwa, ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa. Rabon 'yan'uwan 22.5, na Alhaji 7.5, kuma daraktoci na iya cewa bana ba za a raba komai ba, a bar kuɗin a sayi shanshera. Doka ma ba ta yarda a raba riba ba sai daga ribar da aka samu. Ko kamfanin ya rushe, masu bin bashi za a fara sallama, masu hannun jari su ne na ƙarshe, kuma Alhaji ba shi da damar bin gidan kowa. Saboda wannan kasadar da ya ɗauka ne yake sa ran samun fiye da abin da banki ke samu.

Babban ciniki a wannan hanya shi ne kimanta daraja, kuma a nan ake yi wa masu kamfani asarar da ba sa ganinta. Idan littattafan kamfani ba su da tsari, kuɗin gida da na kamfani a haɗe, ciniki rabinsa ba a rubuce ba, mai saye zai taya ƙasa. A ce ya nace darajar miliyan 200 ce ba 300 ba. Miliyan ɗarinsa yanzu ta saya masa kashi ɗaya cikin uku, ba rubu'i ba. Kamfanin da ya bari sai ya shiga matsi kafin ya nemi mai zuba jari, a irin wannan farashi yake sayarwa.

Bambancin rubu'i da sulusi ba a riba kaɗai ya tsaya ba. A dokar kamfanoni ta 2020, ƙudurin yau da kullum, kamar naɗa darakta ko cire shi, yana wucewa da rinjaye mai sauƙi. Manyan ƙudurori, kamar sauya kundin dokokin kamfani ko sunansa, suna buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa. Da Alhaji yana da 25, 'yan'uwan biyu idan kansu a haɗe yake suna da 75 cif, komai zai wuce. Da ya haura 25 ko da kaɗan, ya sami ikon hana kowane babban ƙuduri. Akwai kuma abin da ya fi wannan zafi. Ranar da wa da ƙani suka saɓa, kowanne 37.5 gare shi, duk wanda Alhaji ya mara wa baya ya sami 62.5, ya isa ya cire ɗan'uwansa daga kujerar darakta a kamfanin da suka gina tare. Mai ƙaramin kaso ya zama shi ke raba gardama.

Maganin wannan rubutu ne tun kafin kuɗi su shiga. A sa lauya ya tsara yarjejeniyar masu hannun jari: kujera nawa kowa ke da ita a hukumar daraktoci, waɗanne hukunce-hukunce ne sai kowa ya yarda, kashi nawa na riba za a riƙa rabawa, albashin masu gudanarwa nawa ne, wa za a fara yi wa tayi idan wani zai sayar, yaya za a kimanta kason wanda ya rasu idan magada suna son kuɗinsu. Ana iya sa sharaɗin cewa bayan shekara biyar 'yan'uwan suna da damar sayen kason a bisa hanyar kimantawa da aka amince da ita. Kunya da ganin girman juna kan sa a bar waɗannan a baki, kuma su ne ke kai mutane kotu daga baya.

Batun sauƙi kuwa, hannun jari ba ya buƙatar jingina, amma neman amintaccen mutum mai kuɗi da haƙuri yakan fi neman rance daɗewa. Kamfani mai zaman kansa ba zai wuce mambobi 50 ba, kuma ba shi da izinin tallata hannun jarinsa ga jama'a. Shiga kasuwar hannun jari ta NGX, kamar yadda BUA Foods ya yi a Janairun 2022, sai kamfani ya koma na jama'a, ya yi rajista da SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari, ya riƙa wallafa lissafinsa a kai a kai. Wannan ba matakin mai neman miliyan 100 ba ne.

| Ma'auni | Rancen banki | Hannun jari |
|---|---|---|
| Farashi a misalinmu | Ruwan miliyan 60 cikin shekara 3, da kuɗaɗen takardu | Rubu'in riba da rubu'in darajar kamfani |
| Tsawon zama | Yana ƙarewa da biya na ƙarshe | Ba ya ƙarewa sai an sayi kason |
| Abin da ake nema | Jingina, tarihin asusu, sa hannun daraktoci | Littattafai masu tsari, yarda a kan daraja |
| Shekarar ribar miliyan 30 | Dole a biya kusan miliyan 63 | Ba dole a biya komai |
| Iko | Na masu kamfani, a ƙarƙashin sharuɗɗan banki | An raba ƙuri'a da kujeru |
| Mafi munin abin da zai faru | Rasa jingina, har da gida | Rasa rinjaye a kamfani |

Wa ya dace da wanne

Idan kuɗin na sayen kayan da za su juya cikin 'yan watanni ne, kamar shanshera a kaka da za a casa a sayar kafin damina, gajeren rance ko murabaha ya fi dacewa. Miliyan 100 na wata shida a kashi 30 miliyan 15 za ta ci, an gama. Ba hikima ba ce a ba da rubu'in kamfani har abada saboda buƙatar wata shida. Sharaɗi dai shi ne a sami masu saye tabbatattu, kuma a lissafa abin da zai faru idan farashin buhu ya sauko.

Idan na inji ne ko gini da zai ɗauki shekaru kafin ya mayar da kuɗinsa, a yi wannan gwaji: a ɗauki ribar shekara mafi muni cikin biyar da suka wuce, a ga ko za ta biya ruwa da uwar kuɗin shekara guda har a sami rara. Idan ta biya, kuma wa'adin rancen ya yi daidai da lokacin da injin zai fara kawo kuɗi, a ci rancen a riƙe kamfani. 'Yan'uwanmu na Kura ba su ci wannan gwaji ba, 30 ba ta kusa da 63.

Sabon kamfani marar jingina da tarihin asusu, ko mai gwada sana'ar da ba a san yadda kasuwa za ta karɓe ta ba, hannun jari ne nasa. Haka ma kamfanin da bashi ya riga ya yi masa yawa, domin ƙarin rance ƙarin nauyi ne. Wanda mai zuba jarin zai kawo masa abin da ya wuce kuɗi, kamar dillalin da zai tabbatar masa da shanshera ko ya buɗe masa kasuwar Kudu, shi ma ya karkata nan.

Ga wa da ƙanin nan, shawarata a raba. Su sayar da hannun jari na miliyan 60 a kan darajar 300, wanda zai ba Alhaji kashi ɗaya cikin shida, ƙasa da abin da zai hana babban ƙuduri, sannan su nemi miliyan 40 ta rance ko murabaha a kan injin kansa, ba a kan gidajensu ba. A kashi 30, biyan shekarar farko zai zama wajen miliyan 25, abin da ko shekarar miliyan 30 za ta iya ɗauka. Kafin su sa hannu kuma su rubuta a tsakaninsu su biyu yadda za su warware saɓani, domin ko da kashi ɗaya cikin shida, Alhaji idan ya haɗu da ɗayansu sun haura rabi.